Ranar Da Aka Sauke Jinkar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, baibaya ce sana'arsa. Duk ɗakin jinkar da ka gani a unguwarmu ya tsaya tsaf kamar an kafa masa sabuwar hula, to hannunsa ne. Siriri ne, dogo, ƙafafunsa kamar na zalɓe, tafin hannunsa kuwa kaifin ciyawa ya mayar da shi tamkar ƙirgi. Idan ya ba ka hannu kuka gaisa, sai ka duba naka ka ga ko ya yanke.

Ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Ina-Iska ake ce masa, don bai taɓa fitowa daga ɗaki ya yi wa kowa ina kwana ba sai ya fara sunkuyawa ya ɗebi ƙasa ya sake ta daga tsakanin yatsunsa, ya ga inda ta nufa, sannan ya ce, "Yau ina iska?" Mu da muka tashi a gabansa mun ɗauka haka kowane magidanci yake fara safiyarsa.

Abin da yake gudu wuta ce. Yakan ce shi da wuta sana'arsu ɗaya, duk ciyawa suke bi, bambancin kawai shi yakan yi kwanaki yana ɗaurawa, ita kuwa kafin ka sha ruwa ta kwance. Saboda haka in ya gama wa mutum aiki ba ya tafiya nan take. Sai ya zaga gidan hannu a baya kamar mai neman allura. Ya ga murhu a gindin jinka, ya sa ƙafa ya ture duwatsun. Ya leƙa ɗaki ya ga an rataye fitilar ƙwai a jikin tsaiko, itatuwan da suke riƙe da jinka, ya sauke ta ya ajiye a ƙasa.

"Ai da gilashinta, Malam," in ji matar gida.

"Ɗora hannunki a samanta."

Ta ɗora, ta janye da sauri tana yarfewa.

"To kin ji. Ke kin janye naki. Ciyawa ba ta da inda za ta janye."

Wasu suna jin daɗin wannan, wasu kuwa suna cewa baibaya suka kira shi ya yi musu, ba wa'azi ba. Amma dai ana ci gaba da kiransa, don ɗakin da ya rufe sai ya yi damina da damina ko ɗigo bai zubar ba.

To mutum irin wannan, cikin ikon Allah, sai ya auri mai suyar kifi.

Yadda abin ya faru, Inna ce ta ba mu labari, matar tasa ke nan, kuma ba ta taɓa ba da shi ba tare da ta ƙara masa gishiri ba. Wai an kira shi ya sake baibayar ɗakin mahaifinta. Yana can sama yana warware yanta, wato ciyawar da aka jera aka saƙe da igiya ta zama kamar doguwar tabarma, yana naɗa ta daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasa da shi. Sai hayaƙi ya turnuƙe shi. Ya leƙo, ya ga mace ta hura wuta ɓalɓal, ta ɗora kasko, mai yana tafasa, ga dammunan shucinsa, ciyawar baibayar, a jingine ba nisa.

"Ke mai wuta!" in ji shi. "Ki ja murhunki can!"

Ba ta ko ɗaga kai ba. "Kai mai ciyawa, ka ja ɗakinka can."

Ya sauko a fusace, ya kwashe dammunan nan ɗaya bayan ɗaya ya kai bayan gida. Da ya dawo yana haki, ta miƙo masa kifi mai zafi a ganye. Ya ce ba ya ci. Ta ce dama ba tambayarsa ta yi ba. Ya ci. Aikin da ya kamata ya ƙare a 'yan kwanaki sai da ya ja shi har mahaifinta ya fara tambaya ko ɗakin girma yake ƙarawa da daddare.

Gidan da ya gina mata, da iska ya yi shawara kafin ya aza tubali ko ɗaya. A wajenmu iskar rani daga gabas take kaɗowa, don haka ya sa ɗakinsa a gabas, na Inna a tsakiya, sai rumbu, sannan can ƙarshen yamma, bayan fili mai faɗi, ya gina madafa. Ita kaɗai ce bai yi wa jinka ba. Azara ya jera ya zuba mata ƙasa, ya bar taga a sama don hayaƙi. In tartsatsi ya tashi daga can, iska ta ɗauke shi ta yi bayan gida da shi, inda babu komai sai rami da yashi.

Inna ta tsani wurin. Ƙofar gida tana gabas, masu sayen kifi sai sun ratsa gidan kaf kafin su same ta, wasu ma ƙamshin ba ya kai musu, iska ta tafi da shi jeji.

"Dila da kuraye kake yi wa talla," in ji ta. "Ka yi mini 'yar rumfa a bakin ƙofa mana, Malam. Kai da ciyawa ba ta yi maka wuya."

"Rumfar ciyawa a kan kaskon mai? Innarsu, ki bari in mutu tukuna."

"To yaushe ke nan? In san shirin da zan yi."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Ta gama suya, ya zo ya tsaya a kanta har sai ta kwashe toka ta kai rami ta yayyafa ruwa, don a cewarsa toka munafuka ce, fuskarta fari, cikinta ja. Randa biyu ya kafa a tsakar gida waɗanda ba a sha, ba a wanki da su, kuma ba a bari su yi ƙasa. Akwai wata doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a baka da ya jingine a bangon rumbu, ta fizgo ciyawa in ta kama. Inna ta mayar da ita abin kaɗo mangwaro. Duk ran da ya tarar da gorar a gindin bishiya sai an yi shari'a.

"Da ba don ni ba da tsatsa ta cinye ta," in ji Inna. "Motsa mata jini nake yi."

Mutum ɗaya ne a duniya Kawu ya kasa yi wa faɗa, shi ne surukinsa, mijin babbar 'yarsa. Tela ne, mutum mai fara'a da son waƙa, gidansa yana manne da na Kawu ta gabas, dangar kara ce kawai a tsakani. Ya kafa rumfar zana a jikin ɗakinsa na jinka, a nan yake ɗinki, a nan yake guga da dutsen guga irin na gawayi. In gawayin ya yi sanyi, sai ya kama mariƙin ya riƙa lilo da dutsen gaba da baya don iska ta shiga ta ƙofofin gefe ta hura shi. Tartsatsi ya riƙa fita kamar taurari, shi kuwa yana waƙarsa.

Kawu yana gani ta saman danga, amma kunyar suruki ta ɗaure masa baki. Sai ya yi tari. Tela ya ce, "Sannu, Baba." Ya sake tari. Tela ya aiko masa da citta. Daga ƙarshe Kawu ya koma yi wa akuyar Tela magana, wadda take ɗaure a jikin dangar.

"Ke akuya," in ji shi da ƙarfi, "in ke ce mai hankali a gidan nan, ki riƙa fita fili da dutsen gugarki kafin ki kaɗa shi."

Tela ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi Baba akwai ban dariya. Ya kwana biyu yana fita fili, rana ta dake shi, ya koma inuwa.

A shekarar da abin ya faru Kawu ya manyanta, gwiwa ta fara yi masa gardama, amma bai daina hawa ba. A farkon ranin nan ya sake wa ɗakinsa jinka, ya ce ita ce ta ƙarshe da zai yi wa kansa, don haka ya zuba mata duk abin da ya sani. Da kansa ya zaɓo shucin, dogo mai santsi, ya karkaɗe shi, ya yi yantar da igiyar da ya murza a cinyarsa. Ya ɗaure tsaikon a ƙasa, ya zagaye shi da tanka, sandunan da ake ɗaura masa a gicciye, ya ba shi tsayi sosai don ruwa ya riƙa gangarewa bai tsaya ba. Mu maza muka taru muka ɗaga muka ɗora a kan bango. Ta fito gwanin kyau, ruwan zinariya, bakinta a datse daidai kamar an sa reza. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Da yamma Kawu yakan sa kujera a tsakar gida ya zauna yana fuskantarta.

"Ni dai ban taɓa samun irin wannan kallon ba," in ji Inna.

"Ke kina yoyo," in ji shi. "Ta baka."

Ranar, ana tsakiyar zafi ne, komai ya bushe ƙayau, kara in ka taka sai ya karye kamar ƙashin kifi. Kawu ya tafi can ƙarshen unguwa, gidan wani mahauci, yana gyara masa ƙoƙuwa, wato ƙololuwar jinkar wani babban zaure mai tsayin gaske. Ni kuma ina bakin hanya a rumfata ta gyaran keke, ba nisa da gidan Kawu. Tela yana fama da kayan bikin wasu mutane da suka tsaya masa a ka. Ya kaɗa dutsensa, ya kaɗa, ya gama gugar, ya naɗe kaya, ya raka masu su har bakin hanya, ya tsaya ana hira.

Tartsatsi ba ya shela. Ya shige cikin zanar rumfar ya yi kwanciyarsa, yana ci a hankali ba wanda ya sani. Da rana ta take, iska ta taso, sai ya miƙe.

Ihun 'yar Kawu na fara ji. Na jefar da abin da ke hannuna na ruga. Kafin in isa rumfar Tela ta zama wuta gaba ɗaya, harshenta ya lashi bakin jinkar ɗakinsa ya hau sama da gudu. Ƙarar kamar ana yayyaga sabon yadi. Iska tana tura komai yamma, wato kan danga, kan ɗakin Kawu, daga nan na Inna, da rumbu.

Mutane suka cika wurin, kowa yana ihu, kowa yana ba da umarni. Wani ya watsa ruwan buta. Wata tana ta salati ta rungume turmi, ita ma ba ta san dalili ba. Tela ya iso ya tsaya ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Kekena! Keken ɗinkina!" Kowa yana tambaya ina Ina-Iska.

Ina-Iska yana can sama. Shi ya riga kowa ganin hayaƙin, don daga ƙoƙuwar zauren mahauci unguwar duk a tafin hannunsa take. Ya duba ya gane gidan. Ya juyo zai sauka, babu tsani. 'Ya'yan mahaucin da suka ji ana gobara, sun sure tsanin sun ruga da shi wurin wuta don taimako, sun manta da wanda ya hau da shi. Gidan ya watse, ba kowa sai wata tsohuwa mai nauyin ji da take tsintar wake. Ya yi kira, ya yi kira. Ta ɗaga kai ta ce masa, "Yauwa, sannu da aiki."

Can gida kuwa sai ga Inna ta fito daga madafa. Daga baya muka gane abin da ya ɗan tsayar da ita: sai da ta sauke kaskon mai ta rufe shi, ta kife wa murhunta kwanon yashi, don kada a je kashe wuta ɗaya a dawo a tarar da biyu. Ta fito ta ɗaure zane a ƙugu, gorar mangwaro a hannunta. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Yara duk sun fito? Ke, ƙirga 'ya'yanki! Sun cika? To a kai su bayan rami. A kwance akuyar nan!"

Masu ruwa suna ta watsawa ɗakin Tela, ruwan yana zama tururi tun bai sauka ba.

"Ku bar wannan, ya riga ya tafi!" in ji ta. "Wanda bai kama ba shi za ku jiƙa! Ɗakina da rumbu! Ku tsoma tabarmi da barguna a randa ku shimfiɗa a kai. Kai mai tsani, nan za ka kafa shi!"

Ta saƙala ƙugiyar a dangar kara ta fizga, muka kama mata, muka tumɓuke dangar muka ja ta gefe. Amma zafin ya riga ya kai ɗakin Kawu. Tsakaninsa da na Tela bai fi ka miƙa hannu biyu ba. Ɓurɓushin ciyawa mai wuta yana ta sauka a kan sabuwar jinkar, gefenta na gabas ya fara hayaƙi. In ta kama, da tsayinta da kaurinta, babu bargon da zai ceci ɗakin Inna.

Inna ta dube ta. Ta dube ni.

"Ɗan nan, tara maza. Ku sauke ta."

"Inna, jinkar Kawu ce fa."

"Na san ta, ai tare muke zaune. Yadda kuka ɗora ta haka za ku sauke. Ku yanke igiyoyin da suka riƙe ta da bango, ku shiga ƙarƙashi ta nan, ku tura ta kudu, cikin fili. Kada ku tura ta yamma!"

Mahauci yana wurin da wuƙarsa a ƙugu, ya bi igiyoyin ya datse. Muka jeru a ƙarƙashin bakin jinkar ta arewa, muka sa kafaɗa, masu gora suka tokare daga ciki. Nauyinta kamar an ɗora maka saniya. Zafi yana gasa mana kunci, hayaƙi ya cika ido. Inna tana bayanmu tana ba da murya, "Ku ɗaga! Ku ɗaga, 'ya'yan albarka, ko abinci ne ba ku ci ba?" Jinkar ta motsa, ta karkata, ta yi jim a kan bangon kudu kamar tana tunani, sannan ta tafi gaba ɗaya ta faɗi a fili. Muka ji tsaikon ya karye, ƙas, ƙas. Aka ja ta nesa, aka rufar mata da ruwa da yashi da ɗanyen ganye har inda ya fara ci ya mutu.

Wutar ta iso bakin ɗakin Kawu ta tarar da bangon ƙasa tsirara. Mata sun riga sun fitar da shimfiɗarsa da tufafinsa. Ta lashi bangon ta baƙanta shi, ba ta sami abin ci ba. Abin da iska ta ɗauko ya sauka a kan jiƙaƙƙun barguna, samari suna sama suna bugewa, mata sun yi layi daga rijiya suna miƙo ruwa. Jinkar Tela ta rufta cikin ɗakinta, wutar ta zauna a nan tana cin abin da ya rage, muka kewaye ta da ruwa da ƙasa har ta kwanta.

Sai a lokacin Kawu ya iso, a bayan jakin mai ruwa, ba hula, ba takalmi ɗaya. Ashe da ya gaji da kira, sai ya zauna ya zamo daga ƙoƙuwa ya sulalo, ya faɗo a kan dammunan ciyawarsa. Ciyawar ta cece shi, amma idon sawunsa ya gurɗe, wandonsa kuma ya bar rabinsa a jikin tanka.

Ya sauko da ƙyar. Bai dubi kowa ba sai da ya bi jikokinsa da ido ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kan ƙaramar. Sannan ya ɗingisa zuwa fili inda jinkarsa take kwance a ɓarke, baƙa a gefe ɗaya, jiƙe sharkaf, yashi ya cika ta. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya ya zaro ciyawa ɗaya ya juya ta a hannu.

"Wa ya ce a sauke ta?"

Muka dubi ƙasa. Inna ta ce, "Ni ce."

"Ta wane gefe kuka tura?"

"Kudu."

"Murhunki fa?"

"Na kashe kafin in fito."

Ya gyaɗa kai. Sai ya lura da hannunta, inda wuta ta ƙone shi daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, ita ko ta kula ba ta yi ba. Ya sa aka kawo ruwa mai sanyi, ya zaunar da ita a kan turmi, ya riƙe hannun yana zuba masa a hankali, ya daɗe yana zubawa. Wata maƙwabciya ta kawo man shafawa, ya ce a'a, ruwa dai, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai ta wurin likita. Idonsa yana ta zubar da hawaye. Ya ce hayaƙi ne.

"Hayaƙin ya wuce tun ɗazu, Malam," in ji Inna.

"Ashe kina ji, duk shekarun nan," in ji shi.

"Yo ina da zaɓi? Ko bangon gidan nan ya haddace."

Tela ya matso, fuska duk toka, ya durƙusa. Keken ɗinkinsa ya ƙone sai ƙarfen, ɗakinsa ya zama kango. Mun zaci yau kam kunya za ta kau. Kawu ya dube shi, ya dubi akuyar da aka ɗaure a gindin mangwaro tana tuƙa abinta.

"Laifina ne," in ji shi. "Ina da bakina, na ga abu, na tsaya aiken akuya. Tashi. Daga yau in na ga ba daidai ba, kai zan gaya wa, ko ranka ya ɓaci."

"Ki gaya... ka gaya mini, Baba," in ji Tela, harshensa yana harɗewa. "Ko duka ne ka yi."

"Ba na duka. Kana da lauje?"

Ba a bar wurin ba sai da aka tone tokar ɗakin Tela kaf aka jiƙa ta, Kawu yana zaune da kumburarriyar ƙafa yana nuna inda za a ƙara ruwa. Ya sa aka sauke bargunan aka laluba jinkar Inna da ta rumbu da hannu, ana cusa yatsu ciki ana neman wuri mai ɗumi. Aka kuwa samu ɗaya a bayan rumbu, yana ci a ɓoye. Aka fizge shi.

Abin da ya biyo baya shi ne wahalar ciyawa. Ƙarshen rani ne, shuci ya yi wuya, wanda Kawu ya tara kuma ya riga ya yi wa mutane alkawarinsa. Tela ya bi shi jeji da lauje, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba. Ya dawo hannu duk bororo, waƙa ta ɗauke. Abin da suka samo ɗaki ɗaya zai rufe. Kawu ya ce na Tela za a rufe, don can ne jikokinsa suke kwana. Amma ya sa aka ja sabon ɗakin baya, aka bar fili tsakani, aka ta da katangar ƙasa a maimakon dangar kara. Maƙeri ya duba ƙarfen keken ya ce zai tashi, ya kuwa tashi, sai dai ya koma yin ƙara kamar injin niƙa.

Ruwan farko ya sauka ɗakin Kawu a buɗe. Ɗakin Inna kuwa 'yarsu da jikoki sun cika shi kafin nasu ya bushe. Babu inda ya rage wa babban mai baibayar unguwa sai madafa. Nan ya shimfiɗa tabarmarsa, tsakanin kasko da buhun gawayi, a ƙarƙashin rufin ƙasa, ya yi rabin damina kafin jikoki su koma nasu ya samu wuri a ɗakin Inna. Tufafinsa suka ɗauki ƙamshin kifi har ya zamana in ya fita kuliyoyin unguwa suna take masa baya. Ya je gaisuwa gidan mutane, su zauna a bakin ƙofa suna jiransa.

A zaman nan ne ya gane abin da Inna take sha. Wata safiya tana suya yana zaune a ciki, zafi da hayaƙi suka koro shi waje yana tari.

"Haka wurin nan yake kullum?"

"A'a, yau da sauƙi, an yi ruwa."

Da damina ta ɗauke, kafin ya taɓa nasa ɗakin, ya kira magini suka fasa bangon madafa ta kudu, suka fitar da babbar taga mai kallon wata 'yar hanya da mutane suke bi zuwa rijiya, suka yi mata dakali na ƙasa, suka ƙara wata tagar a sama. Iska ta samu hanyar wucewa, masu zuwa ɗiban ruwa suka samu hanyar kifi. Cinikin Inna ya ninka. Ba ta gode masa da baki ba, amma kan kifi mafi girma ya daina zuwa wurin kowa sai shi.

Jinkar da ya yi wa ɗakinsa daga baya ba ta kai waccan ba, shi ma ya faɗa. Gwiwa ta hana shi hawa, yana ƙasa yana nuni da sanda, Tela ne a sama yana naɗa yanta, gumi yana zuba.

"Ja ta sosai! Wannan ɗinki ne ko baibaya?"

"Baba, hannuna ya mutu."

"Bai mutu ba, ina ganinsa yana motsi. Rufe kan na ƙasa da kyau. Kai, ba haka ba!"

Inna ta leƙo daga madafa ta ce su sauko abinci ya yi. Kawu ya ce ba mai saukowa sai an ɗaure ƙoƙuwa. Tela ya dubi surukarsa daga sama da idon neman ceto. Ta ce masa ya yi haƙuri, shi ya roƙi faɗan da bakinsa. Ta rufe musu kwanon, ta koma wurin masu saye.